Hirar Baba maƙeri: kansa sai tsalle yake a kowane yanka

Sada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman agaji. Makon jiya na ɗauki hira da wani dattijo maƙeri can wajen Ƙofar Marusa, minti 38, kyamara ɗaya a kan tirafod, ban motsa ta ba tun farko har ƙarshe. Masu aikin minti shida suke so. Na zauna na tace maganar, na fidda gaisuwa da tari da maimaici, a kunne ta zauna daram. Da na kalli hoton sai na ga Baba kamar mai shaƙuwa. Yanzu kansa na hagu, ƙiftawa ɗaya ya koma dama, hannunsa na sama, sai ga shi bisa gwiwa. Na ƙirga, wuri 23 ne. Ya zan rufe su? Na ji ana maganar yanka kan akshin, ko shi ne maganin?

Bishir Mai Biki: Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin tada hankali ba ne. Jefa ma kowane Cross Dissolve, shi ke nan. Mu haka muke yi.

Sada: Na gwada, Bishir. Sai Baba ya fito da kai biyu da hula biyu na rabin daƙiƙa. Ya fi tsallen muni wallahi.

Nura: Ni na ga an ce yanka kan akshin, in fim ɗin faɗa ne ku ce mu zo, akwai yara masu iya faɗuwa a unguwarmu 😂

Bishir Mai Biki: Nura karanta daga sama mana. Dattijo ne zaune bisa buhu.

Oga Mannir: Sada, kafin komai ka amsa mani uku. Da wane girma ka ɗauka, a wane girma za ka miƙa? Me ka ɗauko bayan fuskar Baba? Kuma firem nawa a daƙiƙa?

Sada: Oga barka da dare. 1080p na ɗauka, 1080p zan miƙa, firem 25. Bayan fuskarsa ina da shot huɗu kacal: yaro na jan zugazugi, gawayi na ci, galma da lauje jingine jikin bango, sai Baba na dukan ƙarfe bisa uwar maƙera. Wannan na ƙarshen na ɗauke shi sau biyu, daga nesa da kuma kusa.

Oga Mannir: To kana da biyar ke nan, kuma biyun ƙarshen su ne dukiyarka. Amma bari mu fara da abin da ya sa idonka ke ƙin yankan. Ido ba ya ƙin canji. Abin da yake ƙi shi ne canji ɗan kaɗan. In bango bai motsa ba, buhu bai motsa ba, girman mutum bai canza ba, sai kai kaɗai ya tashi daga nan ya koma can, ƙwaƙwalwa ta san ba mutum ne ya motsa ba, hoto ne ya tsinke. In kuwa ka tashi daga fuskarsa ka faɗa bisa garwashi, canjin ya yi girman da mai kallo zai ɗauka da gangan aka kai shi can. Don haka zaɓinka biyu ne: ko dai ka sa canjin ya yi girma, ko ka sa shi daidai lokacin da idon mai kallo ke bin wani motsi.

Abu na farko, 23 sun yi yawa ga minti shida in faci biyar gare ka. Koma ka duba, na tabbata rabinsu ka yanke ne don fidda "eh to" da ɗan shirun da dattijo ke yi kafin ya amsa. Mayar da su. Tsoho in ya yi shiru ya kalli ƙasa, wannan ma hira ce.

Sada: Gaskiya ne, yanzu na duba, tara daga ciki ba su kai daƙiƙa biyu ba abin da na cire. In na mayar da su tsawon zai ƙaru da kamar daƙiƙa 15.

Oga Mannir: Ka fidda jimla ɗaya cikakkiya a wani wurin ka biya bashin. Yanka guda babba ya fi ƙanana tara sauƙin rufewa. Saura 14, da sabon nan 15. Turo mani lambobin guda ɗaya mu yi shi tare, sauran ka kwaikwaya.

Sada: Ga wanda ya fi damuna. Baba ya ce, "Da can galma ce muka fi ƙerawa, damina na ƙaratowa ba mu da lokacin cin tuwo." Nan wani ya yi sallama, suka tsaya gaisuwa, har da tambayar iyali. Na cire daƙiƙa 51. Sai ya ci gaba, "Yanzu kuwa sai gyara, mutum ya kawo tsohuwa a ɗora mata baki." A layin aikina yankan ya faɗa kan 00:01:20:00.

Oga Mannir: Madalla. Kar ka taɓa V1 da A1, layin hoton hirar da na muryarta, bar su yadda ka haɗa. Ɗauko shot ɗin galma ka ɗora bisa V2, layin hoto na sama, ya zama faci ya rufe mahaɗar. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya fara facin daidai kan yankan. In ka yi haka hoto da murya sun canza a firem ɗaya, kunne da ido sun haɗu sun kama ka. Fara shi tun Baba bai gama jimlar farko ba. Ni zan shiga wajen 00:01:18:15, wato firem 35 kafin mahaɗar, yana cikin cewa "ba mu da lokacin cin tuwo". Sai in fita wajen 00:01:22:00, ya riga ya ce "yanzu kuwa sai gyara". Gaba ɗai firem 85, daƙiƙa uku da ɗan abu. Mai kallo ya bar fuskar yana tsakiyar magana, ya dawo yana tsakiyar magana, bai san an cire mashi minti guda a ƙarƙashi ba.

Kuma ka lura galma na sa, ban sa gawayi ba. Maganar galma yake. In ka ɗora garwashi kan maganar galma, ya rufe tsallen amma mai kallo zai ji an ɗauke mashi hankali ba dalili. Sau biyu ka yi mashi haka ya gane duk inda wuta ta fito an yi yanka.

Bishir Mai Biki: Oga daƙiƙa uku bai yi tsawo ba? Ni firem 15 nake sa wa, fit ya wuce.

Oga Mannir: A biki da kiɗa ƙarƙashi ka sha. A hira, facin da bai kai daƙiƙa biyu ba walƙiya ce, mutum bai gama gane me ya gani ba an janye. Sai ka maye tsalle ɗaya da tsalle biyu. Kai ma ka gwada, ka ce ma kanka a zuci "galma ce jikin bango" yayin da hoton ke tafiya. In hoton ya ɗauke kafin ka gama faɗa, ya yi gajarta.

Anti Murja: Sannunku da aiki. Ni rediyo na fara kafin talabijin, don haka bari in yi maganar kunne, tunda duk kun tafi wajen ido. Sada, faci na rufe hoto ne kawai, ba ya rufe murya. Hausa in mutum ya fara jimla muryarsa sama take, tana sauka a hankali har ya dire. In ka yanke shi bai dire ba ka haɗa da farkon wata jimla, muryar za ta tashi sama kwatsam, ko makaho ya san an yanka. Wannan da ka kawo ta yi kyau don ya dire a "tuwo". Sauran ka saurare su ido rufe.

Kuma kar ka cire numfashin da ya ja kafin "yanzu kuwa". Mutum ba ya magana ba numfashi. Bar shi, yankanka ya zo kafin numfashin.

Sada: Anti na gode. Akwai kuma wata 'yar ƙara "ƙat" da nake ji a wasu mahaɗan, da kuma hayaniyar titi da ke canzawa. A jimla ɗaya akwai babur, a ta gaba babu.

Anti Murja: "Ƙat" ɗin maganinsa ɗan narkewar sauti a mahaɗar. A Premiere Pro sa Constant Power, amma rage shi ya koma firem biyu zuwa huɗu, in ka bar shi daƙiƙa guda kalmomin za su hau juna. Babur kuwa, nemo inda Baba ya yi shiru, ka kwafi iskar wurin ka shimfiɗa ta bisa A2 a ƙasa-ƙasa, ta ratsa mahaɗar. Gaba in ka je hira, kafin ka naɗe kaya ce ma kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30 ka ɗauki iskar wurin. In dole ce ta sa ka yanka cikin jimla, nemi kalmar da ta fara da b, d, k ko t. Hanyar iska na rufewa kafin su fito, akwai ɗan shiru siriri da za ka gani a zanen sautin, nan za ka sa wuƙa.

Abdulhadi Daura: Ni tambayata daban ce amma ta shafi wannan. Na ɗauki hira da wani mai ba da tarihi bakin rijiyar Kusugu, da waya. Da na sa a kwamfuta bakinsa da muryarsa suna tare a farko, wajen minti 20 sun rabu. Faci zai gyara wannan?

Oga Mannir: A'a Abdulhadi, taka cutar daban. Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya, tana hawa tana sauka. Wuce da fayil ɗin ta HandBrake ka zaɓi Constant Framerate tukuna, sannan ka shigo da shi. In bai gyaru ba buɗe sabuwar magana, kar mu cakuɗa ma Sada.

Sada: Oga, faci biyar ba za su rufe wuri 15 ba sai in na maimaita. Yankan kan motsi da ka ambata fa, ya ake yinsa da kyamara ɗaya? Na ɗauka sai da biyu.

Oga Mannir: Nan ne aikin yake. Fara da mai sauƙin, shot biyun dukan ƙarfe. A na nesa, Baba ya ɗaga masaba sama, ta fara saukowa. Kar ka jira ta sauka, kar kuma ka yanka tana tsaye a sama. Yanka firem ɗaya ko biyu bayan ta fara saukowa. A na kusa, nemo wani dukan, ka shiga masabar na daidai wannan tsayin tana saukowa, ta ƙarasa ta daki ƙarfen. Duka biyu ne daban, watakila minti biyar tsakaninsu, amma ido na bin masabar, sai ya ɗauka ɗaya ne. Saukar tana da sauri, firem huɗu ko biyar ne duka, don haka da kibiyar dama za ka riƙa takawa firem-firem, linzami ba zai yi maka ba.

Abin da wannan ya ba ka, faci ɗaya mai tsawo da ba ya gundura. Nesa daƙiƙa uku, kusa daƙiƙa uku ko huɗu. Ƙarƙashin daƙiƙa bakwai ɗin nan kana iya ɓoye yanka biyu, har uku in jimlolin gajeru ne. Jera tsallen da ke kusa da juna ka rufe su da bargo ɗaya.

Abu biyu ka duba kafin ka yarda da shi. Launin ƙarfen: in a na nesa ja ne jawur, a na kusa ya huce ya yi baƙi, motsin ya haɗu amma ƙarya ta fito. Sai ɓangaren da ka tsaya: in a na nesa hannun masaba na dama da allo, a na kusa ka zagaya bayan uwar maƙera ya koma hagu, kamar Baba ya zama bahago ne cikin ƙiftawa.

Bishir Mai Biki: Ni an koya mani a maimaita firem biyu a shot na biyu, wai ido na ɗaukar lokaci kafin ya gano inda abin yake.

Oga Mannir: Akwai masu yin haka, kuma ga motsi mai sauri kamar wannan yakan taimaka. Ni sau da yawa cire firem ɗaya nake don dukan ya yi kaifi. Sada ya gwada duka biyun da cikakken gudu, ba a tsaye ba, ya ɗauki wanda bai ji a jikinsa ba.

Bishir Mai Biki: To ni dai ina nan kan nawa.

Oga Mannir: Ka zauna lafiya. Sada, ga mai wuyar, motsi cikin hirar kanta. Dattijo ba ya zama kamar gunki. Yana nuna abu, yana gyara hula, yana sunkuyawa. In ya ce "wannan masabar ta mahaifina ce" ya fara sunkuyar da kai wajenta, yanka zuwa masabar kansa na cikin sauka. Shi da kansa ya ja idon mai kallo zuwa can, kai ka bi shi kawai. Haka wajen dawowa: kar ka dawo bisa fuskar da ke tsaye cik, dawo yana ɗago kai ko yana buɗe hannu. Tunda facin na V2, jan bakinsa kawai za ka yi gaba ko baya har ya faɗa kan motsin, muryar ba ta san an yi ba.

Nura: Yanzu na gane. Ashe akshin ɗin ɗaga hannu ne. Allah ya ba da haƙuri 😅

Sada: Bishir ya turo mani ta gefe wai in yi zum a madadin faci. Scale 110 a kowane yanka na biyu. Ya kuka gani?

Oga Mannir: Dabarar daidai, lambar ce ba daidai ba. 110 canji ne ɗan kaɗan, mun koma gidan jiya. Sai ya zama kamar an tashi daga ƙugu an koma ƙirji kafin ido ya karɓa a matsayin wani shot. Da 4K ka ɗauka, wato 3840x2160, a layin 1920x1080 Scale 50 ke nuna hoton duka, kana da fili har 100 ba abin da zai lalace. Amma kai 1080p gare ka, duk abin da ka ƙara bisa 100 miƙa hoto kake. Kana iya kai wa 125 ko 130 sau biyu ko uku in fuskar ta fito tsaf, a waya ba kowa zai lura ba, a babban allo gemun zai yi dishi-dishi. In za ka yi, daidaita Position idanunsa su tsaya kusan inda suke a shot ɗin baya, kuma ka sa yankan inda hannunsa ke motsi ko ya fara sabuwar magana.

Abdulhadi Daura: Morph Cut fa? Na ga yana haɗe fuska biyu kamar ba a yanka ba.

Sada: Na gwada a wuri uku. Ɗaya ya yi. Biyun kuwa hannun Baba ya narke kamar man shanu, hayaƙin da ke bayansa ya yi wani murɗewa.

Oga Mannir: Haka yake. Yana so kai ya kusa zama wuri ɗaya, hannu ba ya cikin hoto, baya kuma tsit. Maƙera da hayaƙi da yaro mai zuga ba wurinsa ba ne. Smooth Cut na DaVinci Resolve ma halinsu ɗaya. Riƙe ɗayan da ya yi.

Anti Murja: Sada, ina da tambaya. Cikin 15 ɗin nan, akwai inda ka haɗa amsar tambaya ɗaya da ta wata tambayar?

Sada: Akwai ɗaya. A minti na 9 ya ce, "Yaran yanzu ba su son sana'ar nan." A minti na 30, da na tambaye shi ina 'ya'yansa, ya ce, "Duk boko ya ɗauke su." Na haɗa su, sun zauna kamar tare ya faɗa.

Anti Murja: To wannan ni ba zan rufe shi ba. Na biyun yana dariya ya faɗa ko yana ƙorafi?

Sada: Yana murmushi ne. Har ya ce ɗaya na koyarwa a Dutsin-Ma.

Anti Murja: Ka gani. Alfahari yake da su, kai ka mayar da shi kuka da boko, kuma ka ɗora garwashi a kai ka ɓoye murmushin da zai tona. Gobe 'ya'yan su gani su ce Baba ya ce kaza, shi kuwa bai ce ba. Ko ka raba su, ko ka bar muryarka ta tambayar ta fito tsakani.

Bishir Mai Biki: Anti ai duk kalmominsa ne, ba a ƙara mashi ko harafi ba. Duk editin haka yake, in za a bi wannan ba wanda zai gama aiki.

Anti Murja: Cire gaisuwar mai wucewa daban, Bishir, ɗauko amsa daga minti 21 gaba a liƙa ma wata tambaya daban.

Oga Mannir: Ina bayan Hajiya a wannan. Amma ba ko'ina layin yake a fili haka ba, na sha haɗa jimloli masu nisa in dai abu ɗaya mutum ke nufi, kuma ban ga laifina ba.

Bishir Mai Biki: To wa ke yanke hukuncin abin da yake nufi? Edita dai.

Sada: Na raba su, na mayar da tambayata. Ga inda nake yanzu: galma ta rufe ɗaya, dukan ƙarfe ya rufe uku, zugazugi biyu, gawayi ɗaya inda yake maganar tsadar gawayi, zum biyu, Morph Cut ɗaya. Goma ke nan. Na 'ya'yan ya fita daga lissafi. Saura huɗu ba ni da abin sa masu. Ina tunanin in koma ranar Asabar in ɗauko hannuwansa da awartaki da fuskar yaron.

Oga Mannir: Koma, amma da ƙarfe nawa ka yi hirar?

Sada: Bayan La'asar.

Oga Mannir: To bayan La'asar za ka koma, in ka je da hantsi hasken zai tona ka. Kowane shot ka riƙe shi daƙiƙa goma ba motsi, kowane aiki ka ɗauke shi nesa da kusa daga ɓangare ɗaya. Kar ka ɗauki bakinsa. In hannun riga zai fito, sai ya sa rigar ranar. Ɗauki hoton allon ka tafi da shi ka nuna mashi.

Sada: Shuɗiya ce mai aska biyu, ranar don hira ya sa ta. Ban san ko zai yarda ya zauna bakin wuta da ita karo na biyu ba, ranar ma sai da ya yi ta kakkaɓe tartsatsi yana harara ta.

Anti Murja: To ɗauki daga wuyan hannu zuwa yatsu kawai. Ka duba ko ranar akwai carbi ko zobe a hannun.

Sada: Carbi na hannun hagu har minti na 14, daga nan ya sa shi aljihu. Biyu daga cikin huɗun kafin nan suke, biyu bayan nan.

Oga Mannir: Sai ka ɗauko da carbi da kuma babu.